Saura Minti Ashirin a Tashi

Wannan labarin wata babbar ma'aikaciyar jinya ne, wadda kowa a sashen gaggawa ke kira Sista. Ita ta yarda a ba da shi, da sharaɗin ba za a ambaci sunanta ko na asibitin ba. Mu da muka rubuta shi abokan aikinta ne, kuma shaida muke bayarwa a kan abin da ya faru a gabanmu da abin da ta faɗa mana da bakinta.

Shekara 17 ta yi a wannan sashe kafin abin ya faru, kuma babu wanda ya kai ta iya saka mutane dariya a lokacin da dariya ta yi wuya. Wanda bai taɓa tsayawa a kan mutumin da zuciyarsa ta tsaya ba, zai yi mamakin wannan, don haka bari mu faɗi yadda aikin yake. Ana danna ƙirjin mutum sau 100 zuwa 120 a kowane minti, kowace dannawa ta nutsa santimita 5 zuwa 6. Aikin na cin ƙarfi har ana canza mai dannawa duk bayan minti 2, domin hannu ya fara sanyi tun kafin mai shi ya ankara. Sau da yawa haƙarƙari yakan karye a ƙarƙashin tafin hannu, mai dannawa yana ji, kuma ba zai tsaya ba. In aka yi rabin awa ko fiye babu alamar dawowa, likita ya dubi agogo ya faɗi lokaci, kowa ya janye hannunsa. A wannan daƙiƙar jiki bai san an gama ba. Zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, riga ta jiƙe da gumi, ga wani majinyacin a gado na gaba yana jiran a ɗaura masa ruwa. Babu wurin zama a yi kuka, babu lokacinsa. A nan ne wani kan jefo magana ɗaya mai ɗaci, a yi 'yar dariya, numfashi ya sauko, a wanke hannu a wuce gado na gaba.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce, kuma ba ta ma'aikatan asibiti kaɗai ba ce. Ana samunta wurin 'yan kwana-kwana, da sojoji, da masu aikin ɗakin ajiye gawa, da masu ciwon da ba ya warkewa. Jamusawa suna da suna na musamman a kanta, ma'anarsa rahar bakin igiyar rataya. Sigmund Freud ya yi rubutu a kai a 1905, ya sake a 1927, yana kawo misalin mutumin da aka fito da shi za a rataye ranar Litinin, ya ce lallai makon nan ya fara da kyau. Abin lura a misalin shi ne wanda za a rataye ne ya yi maganar. In mai riƙe da igiya ne ya faɗe ta, kalmomin ba su canza ba, amma ta tashi daga jarumta ta koma zalunci.

Rahar Sista tana da iyaka da ta sa wa kanta tun ba ta san ta sa ba. Ba ta taɓa yi wa majinyaci dariyar ƙibarsa ko warinsa ko talaucinsa. Abin da take caccaka shi ne ita mutuwar, da injin da ke ƙin tashi daidai lokacin da ake nemansa, da tarin takardun da ake cikewa bayan kowane rashi, da bayanta da ke ciwo. Sabbin ma'aikata da yawa sun tsaya a aikin ne saboda ita. Yarinya za ta fito daga kan gawarta ta farko tana kakkarwa, Sista ta ja ta ɗakin shan shayi, ta rufe ƙofa, ta ce mata wata magana da za ta sa ta dariya cikin hawaye. Mun ga wannan ya yi aiki sau ba adadi, kuma ba za mu yi ƙarya mu ce bai yi ba.

Daren da abin ya ɓaci, an kawo wani dattijo da asuba zuciyarsa ta tsaya a hanya. Mutum biyar suka yi minti 35 a kansa, bai dawo ba. Likita ya faɗi lokaci: bakwai saura minti ashirin, ga shi ƙarfe bakwai masu aikin dare ke miƙa aiki. Duk wanda mutum ya rasu a hannunsa shi ke gyara gawa, ya cire allurai da robobi, ya lissafa kayan mamaci, ya cike takardu, aikin da ba ya kasa awa ɗaya. Sista tana cire safar hannu ta ce, "Bawan Allah, ka rasa lokacin tafiya sai saura minti ashirin a tashi? Da ka ƙara haƙuri da 'yan safe ne suka karɓe ka." Mutum uku suka yi dariya. Ba ta fi daƙiƙa biyar ba.

Labule ne kawai tsakaninsu da baranda. An ce wa iyalin su jira a waje, amma 'yar mamacin, budurwa mai shekara ashirin da 'yan kai, ta dawo ta tsaya jikin labulen tun lokacin da ta ji ƙarar inji ta yi shiru. Babu wanda ya riga ya gaya mata mahaifinta ya rasu. Daga wannan maganar ta sani.

A nan akwai kurakurai guda biyu da suka haɗu, kuma na farkon na wuri ne. Labule yana tare ido ne kawai. Wanda ya shekara yana aiki a bayansa sai ƙwaƙwalwarsa ta ɗauke shi bango, alhali duk abin da aka faɗa da muryar da ta saba yana isa ga wanda ke tsaye taku uku daga wajen. Dariya kuma ta fi magana tafiya. Ko da yarinyar ba ta tsinci kalma ɗaya ba, sautin dariya yana fitowa daga inda aka kwantar da mahaifinta ya ishe ta ta ɗauke shi har ƙarshen rayuwarta. Kuma iyali ba sa zama inda aka ajiye su. Suna matsowa, musamman in hayaniyar ciki ta lafa, wato daidai lokacin da ma'aikata ke sakin jiki. Na biyun shi ne maganar ta yi kusa da mamacin fiye da yadda Sista ta saba. A ranta takardun take tsine wa. A kunnen 'yarsa kuwa, abin da aka ce shi ne mutuwar mahaifinta ta ɓata wa wasu lissafin tashi daga aiki.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter McGraw da Caleb Warren, sun yi bayani a 2010 da ya dace da abin da muke gani kullum. Abu yana ba da dariya ne in ya haɗa hali biyu a lokaci ɗaya: ya taka wata doka ko ya taɓa wani abin tsoro, kuma mai sauraro ya ji cewa shi babu abin da zai same shi. In babu na farko, magana ce lami. In babu na biyu, cin mutunci ne tsagwaronsa. Abin da ke samar da na biyun shi ne nisa: nisan lokaci, nisan wuri, nisan dangantaka. McGraw da abokan aikinsa sun gwada nisan lokaci da guguwar Sandy da ta afka wa gabashin Amurka a Oktoban 2012. Suka riƙa nuna wa mutane barkwanci iri ɗaya a kan guguwar a ranaku daban-daban. Da ɓarnar ta bayyana mutane suka daina jin daɗinsa, sannan a hankali ya dawo yana ba da dariya har ya kai ƙololuwa wajen kwana 36, daga nan ya fara lafawa. Sai dai waɗanda aka tambaya jama'a ne da aka samu ta intanet, ba a zaɓe su don sun binne wani ba. Kada kowa ya ɗauki kwana 36 a matsayin ranar da aka halatta yi wa maraya wasa da mutuwar ubansa. Ma'aikatan da ke cikin labulen suna da nisan dangantaka, ba su san dattijon ba sai minti 35 da suka wuce. Yarinyar ba ta da ko ɗaya daga cikin nisan uku.

Abin da Sista ta yi bayan haka shi ne ya sa muke ganin labarinta ya cancanci a ba da shi. Da ta ɗaga labule ta ga fuskar yarinyar, ta gane. Ba ta wuce ta kamar ba ta gani ba, wanda shi ne abin da yawancin mutane ke yi cikin kunya. Ta bar likita ya sanar da iyalin rasuwar yadda ya kamata, a ɗaki, a zaune. Bayan sun ga gawar, ta nemi yarinyar ita kaɗai, ta zauna ƙasa da ita, ta ce: "'Yata, kin ji abin da na faɗa a kan Baba, kin ji an yi dariya. Ni na faɗa. Bai kamata ba, kuma bai cancanci haka daga gare ni ba. Ki yafe mini in za ki iya." Ba ta ce in ranki ya ɓaci ba, domin wannan yana mayar da laifin kan mai ji. Ba ta fara da bayanin cewa haka ma'aikata ke rage zafi ba, domin wanda mahaifinsa bai yi awa ɗaya da rasuwa ba bai kamata a ɗora masa aikin fahimtar gajiyar wasu ba. Yarinyar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta yi tambaya ɗaya: "Kun yi ƙoƙari kuwa, ko kun bar shi ne don kuna sauri?"

Wannan tambayar ita ce ainihin ɓarnar da irin wannan wasa ke yi, kuma mutane ba su cika hango ta ba. Raunin bai tsaya ga rashin ladabi ba. Ya shiga ya gurɓata labarin mutuwar gaba ɗaya, ya dasa zargin cewa waɗanda suka iya dariya ba su damu ba, waɗanda ba su damu ba kuwa ƙila sun yi sakaci. Sista ta amsa da lissafi: mutum nawa suka tsaya a kansa, minti nawa, sau nawa aka ba shi allurar tayar da zuciya, abin da allon inji ya nuna daga farko har ƙarshe, da dalilin da ya sa likita ya ce a dakata. Ta gaya mata inda ake kai ƙorafi in tana so, ta rubuta mata sunanta a takarda. Yarinyar ta karɓi takardar ta tafi ba tare da ta ce ta yafe ba. Sista ba ta bi ta ba.

Daga ranar aka sa doka a sashen, ba rubutacciya ba: wasa irin wannan sai a ɗaki mai ƙofa, ƙofar kuma a rufe, bayan gawa ta bar wurin kuma an san inda kowane ɗan'uwa yake. Ba a kan gado ba, ba a baranda ba, ba a cikin lif ba, ba a saƙon waya ba, domin saƙo yana rayuwa bayan zafin daren ya wuce kuma yana iya faɗawa hannun kowa. Sista ta ɗauka ta gama koyon darasin. Ashe rabinsa ta koya.

Bayan shekara 3 ƙanenta, wanda ita ta raine shi, ƙodarsa ta daina aiki. Ya shiga wankin ƙoda sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu kowane zama, an ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini. Mutum ne mai raha tun yana yaro, ciwon kuma ya ƙara wa harshensa kaifi. Injin wankin yake kira amaryarsa. Yakan ce ita kaɗai ce ta san cikinsa da gaske, kuma ba ta taɓa yarda ya yi fashin kwananta ba. In nas ta kasa samun jijiya ya ce ta yi a hankali, sauran ɗaya ce kuma ya yi mata alkawarin ritaya. Matarsa takan yi dariya, Sista ma haka, sauran masu zaman kujerun wanki su taya. Wannan rahar tasa ce. Shi ke kan kujerar, shi allura ke shiga hannunsa, kuma da ita yake gaya wa mutanensa cewa har yanzu shi ne, ciwon bai cinye shi duka ba. Ya yi shekara 2 a haka ya rasu.

Kwana biyar da rasuwar, suna zaune da matarsa da wasu 'yan'uwa, aka yi shiru mai nauyi. Sista, wadda duk rayuwarta ita ke fasa irin wannan shirun, ta ce, "To, amarya dai ta rabu da mijinta, ko wa za ta aura yanzu?" Maganar mamacin ce, kusan kalma da kalma. Wata ƙanwarsu ta yi dariya har da hawaye, ta ce wallahi kamar shi ne ya faɗa. Matar kuwa ta yi murmushin da ya tsaya a leɓe, ta sunkuyar da kai, ta gyara zaman yaron da ke cinyarta, bayan ɗan lokaci ta tashi ta shiga ɗaki. Sai bayan makonni ta iya cewa, "Yaya, lokacin da yake faɗa yana nan, ina kallonsa. Da kika faɗa, sai na ji kujerar ce kawai ta rage."

Mutum biyu a ɗaki ɗaya, rashi ɗaya, magana ɗaya, ɗaya ta samu sauƙi ɗaya ta ji yanka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya zauna da masu makoki. Margaret Stroebe da Henk Schut, masu bincike a ƙasar Holan, sun bayyana a 1999 cewa mai baƙin cikin rashi ba hanya ɗaya miƙaƙƙiya yake bi ba. Kai-komo yake yi tsakanin hali biyu: wani lokaci ya fuskanci rashin kai tsaye, ya yi kuka, ya yi kewa, wani lokaci ya juya ga rayuwa, ya yi lissafin kuɗin makarantar yara, ya yi hira, har ya yi dariya. Duka biyun ana bukatarsu, kuma juyawar tana iya faruwa sau da yawa a yini ɗaya. Matsalar ita ce mutanen gida ɗaya ba sa juyawa tare. A wannan yammacin ƙanwar tana neman inda za ta sha iska, matar kuwa tana tsakiyar ramin. Ga kuma bambancin kusanci: ita ce ke auna masa ruwa da kofi, ita ce za ta kwana a ɗakin da babu shi. Sista 'yar'uwarsa ce ta jini kuma tana da nata haƙƙin, amma a wannan zaman akwai wadda ta fi ta kusa da wutar, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba muna cewa dariya ba ta da wuri a gidan rashi ba. Tana da shi, kuma akwai shaida. A wani bincike da suka wallafa a 1997, Dacher Keltner da George Bonanno sun ɗauki hoton bidiyo na mutanen da mazansu ko matansu suka rasu wata shida da suka wuce, suna ba da labarin mamatan. Suka bi fuskokin dalla-dalla suna rarrabe dariya iri biyu: wadda ke motsa naman da ya kewaye ido har gefensa ya tattare, da wadda baki kaɗai ke yi. Waɗanda suka yi ta farkon sun fi samun sauƙin baƙin ciki da aka sake duba su a wata na 14 da na 25. Amma a lura da abin da aka auna. Dariyar da ta taso daga cikin mai rashin ce da kansa, yana tuna nasa. Babu wanda ya shigo ya yi musu barkwanci a kan mamacin aka ga sun warke. Kuma binciken bai nuna dariyar ce ta kawo sauƙin ba, tana iya zama alamar wanda dama yake kan hanyar samunsa.

Bambancin dariyar ido da ta baki yana da amfani a zaune, ba a ɗakin bincike kaɗai ba. Mai makoki da aka yi wa wasan da ya soke shi da wuya ya ce an soke shi. Ladabi da gajiya suna sa shi ya yi ɗan murmushi don kada ya kunyata baƙo. Abin dubawa shi ne idon, da abin da ya biyo baya. In dariyar ta gaske ce, kafaɗa takan sauko, shi da kansa yakan ƙara wani labarin, ya kira sunan mamacin. In ta dole ce, takan yanke nan take, ido ya koma ƙasa, hannu ya nemi abin taɓawa, ya canza magana ko ya nemi uzurin tashi. Duk waɗannan matar ta yi su a cikin minti biyu, kuma Sista, wadda ke gane majinyacin da jininsa ke sauka daga launin leɓensa, ba ta karanta su ba, domin ita ma a lokacin neman numfashi take yi.

Rabi na ƙarshe na darasin ya same ta ranar da ta koma aiki. Wani abokin aiki da suka shekara goma suna irin wannan wasa tare ya tare ta a ɗakin shan shayi, ƙofa a rufe, duk dokokin an kiyaye. Ya ce, "Sista, sannu da dawowa. Yanzu dai kin samu Litinin da Laraba da Juma'arki." Niyyarsa mai kyau ce, mun san shi. So yake ya nuna mata cewa ba a mayar da ita abar tausayi ba, har yanzu tana cikinsu. Ta ce mana ji ta yi kamar an zare mata ƙasa. Shekara biyu tana tsara aikinta a kan waɗannan ranakun don ta kai shi ta ɗauko shi, kuma abin da ya fi ci mata rai a makonnin nan shi ne safiyar Laraba da babu inda za ta je. Ta yi masa murmushin baki, ta ajiye kofin, ta shiga bayi ta kulle. A can ta tuna yarinyar da ke jikin labule, da matar ƙanenta tana gyara zaman yaro.

Kuskuren mutumin shi ne ya ɗauka izinin da ke tsakaninsu na dindindin ne. Izinin yana tsaye ne a kan cewa su biyun nisansu ɗaya da gawar da ake magana a kai. Ranar da gawar ta zama tata, izinin ya faɗi, kuma ita kaɗai ke iya mayar da shi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Susan Silk, ta ba da wani tsari mai sauƙi a 2013 tare da Barry Goldman: a zana wanda abin ya fi shafa a tsakiya, a kewaye shi da zobe-zobe na mutane gwargwadon kusancinsu. Wanda ke ciki yana da damar faɗa wa na waje duk abin da ya ga dama. Na waje kuwa lallashi kawai yake turawa ciki, nasa nauyin ya kai shi ga wanda ya fi shi nisa. Raha mai ɗaci sauke nauyi ce, don haka hanyarta waje ce ko gefe, tsakanin waɗanda ke zobe ɗaya.

A aikace, abin da Sista ke koya wa sabbin ma'aikata yanzu ba shi da yawa. In mai rashi ya fara wasa da kansa, a yi dariya tare da shi, domin ɗaure fuska a lokacin yana sa shi jin ya yi laifi. Amma kada a ɗora a kai da wanda ya fi nasa zafi, kuma kada a ɗauki wasan yau a matsayin izinin gobe. In ana son kawo sauƙi, labarin abin dariya da mamacin ya yi yana raye ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan barkwanci a kan yadda ya mutu, ko gawarsa, ko abin da aka huta da shi bayan tafiyarsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi kowanne haɗari, domin masu jinya na dogon lokaci sau da yawa suna jin wani ɗan sauƙi a ɓoye bayan rasuwa kuma suna jin kunyarsa matuƙa, wasan kuma yana taɓa daidai wurin. In a zaman akwai mutum fiye da ɗaya, wanda ya fi kowa rauni a ranar shi ne ma'auni. Rashin da ya zo ta kisan kai, ko mutuwar yaro, ko hatsarin da wani a gidan ke zargin kansa a kai, a bar wasan gaba ɗaya sai in su suka buɗe.

Tana kuma sa ido a kan ma'aikatan kansu, domin rahar tana iya ruɓewa a bakin mai yinta. Alamar farko ita ce inda take nufa ya canza: ta tashi daga kan mutuwa da inji da takardu ta koma kan majinyaci, jikinsa, shaye-shayensa, iyalinsa masu yawan tambaya. Ta biyu, ta fara tsallake ƙofa, mutum ya faɗe ta a gaban gado ko a gidansa gaban yara bai lura ba. Ta uku, ta zama ita kaɗai ce harshen da ya rage masa, ko an zauna da shi a natse an tambaye shi yaya daren jiya, sai wasa. In waɗannan suka haɗu da rashin barci da saurin fushi, Sista ba ta yi masa wa'azi a kan ladabi. Tana duba jadawalinsa ta ga dare nawa ya yi a jere, ta cire shi daga ɗakin farfaɗowa na wani lokaci, ta haɗa shi da wanda zai yi magana da shi.

Ita kanta ba ta daina ba. Har yanzu tana jan sabuwar yarinya zuwa ɗakin shayi ta rufe ƙofa. Abokin aikin nan ya zo ya ba ta haƙuri bayan kwana biyu, ya maimaita abin da ya faɗa bai rage ba, ta karɓa. Ita ma ta je wa matar ƙanenta da irin wannan, ba ta kawo hujjar cewa maganar mamacin ce ba.

Wajen shekara ɗaya da rasuwar, su biyun suna kwashe kayansa, suka ci karo da ƙaramin kofin da ake auna masa ruwa, mai zane-zanen mililita a jiki. Matar ta juya shi a hannu ta ce, "Yaya, kin san sau nawa na kama shi yana cika wannan sau biyu, yana ce mini na farkon bai ƙirgu ba don bai yi niyya ba?" Ta yi dariya har gefen idonta ya tattare, ta zauna a bakin gado tana yi. Sista ta taya ta. Akwai wata magana a kan amarya da ta zo mata har bakin leɓe, ta san za ta yi daidai, ta bar ta a nan. Ta ce, "Sai me ya ce da kika ƙwace?" Matar ta share ido ta ci gaba da labarin.